Kuɗin fansho da haraji ba aljihu ɗaya suke shiga ba

"Ina aiki a wani kamfanin casar shinkafa a Birnin Kebbi. Duk wata ana cire mini PAYE, ana kuma cire fansho. Wannan ba haraji biyu ba ne?"

A'a ɗan'uwa. PAYE, wato harajin albashi, asusun gwamnatin jihar Kebbi yake tafiya, ya fita hannunka ke nan. Na fansho kuwa naka ne, yana zuwa asusun da ke ɗauke da sunanka a kamfanin fansho da ka zaɓa, ana juya shi yana kawo riba.

Dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci ya ba da kashi 8 cikin ɗari, kamfani ya ƙara kashi 10 daga aljihunsa. A ce ainihin albashinka da kuɗin gida da na mota sun kama naira 100,000. Za a cire maka 8,000, kamfani ya ɗora 10,000, wato 18,000 ya kamata ka gani duk wata. Kuma sai an ware 8,000 ɗin nan kafin a lissafa haraji, don haka ma rage maka harajin yake yi.

Inda ake cutar mutane shi ne a cire a takardar albashi amma a ƙi turawa, alhali doka ta ba kamfani kwana bakwai na aiki kacal bayan biyan albashi. Ka ɗauki lambarka ta RSA PIN, wato lambar asusunka na fansho, ka nemi bayanin asusunka, ka gwada shi da takardun albashinka wata bayan wata. In ka ga giɓi, fara da ofishin biyan albashi. In suka yi ta maka yawo da hankali, ka kai kuka PenCom, hukumar da ke kula da harkar fansho ta ƙasa.

Sai dai ba ka taɓa kuɗin sai ka yi ritaya, daga shekara 50. Amma in aiki ya kuɓuce ka yi wata huɗu a zaune, kana iya karɓar kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin da ke asusun.