Hukuncin Hana Ma'aikaciya Sallah a Kan Lokaci da Sanya Dogon Hijabi a Masana'anta

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, ina aiki a wata masana'antar robobi a Kano, ina shiga ƙarfe 2 na rana in tashi ƙarfe 10 na dare. Shugaban sashenmu yana ba mu hutun awa ɗaya da ƙarfe 8, ya ce a nan za mu haɗa La'asar da Magariba da Isha'i, domin ba a kashe inji. Ya kuma hana ni sanya dogon hijabi a kusa da injin. Shin yana da ikon yin haka, kuma mene ne a kaina?

Amsa: Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah. 'Yar'uwa, umarnin nan biyu hukuncinsu ba ɗaya ba ne: a kan sallah shugabanku ya ƙetare iyaka, amma a kan hijabi akwai gaskiya a maganarsa, matuƙar bai ce ki buɗe abin da shari'a ta wajabta rufewa ba.

Malaman fiƙihu suna ɗaukar wanda aka ɗauka aiki na ƙayyadaddun sa'o'i a matsayin wanda ya ba da hayar lokacinsa, kuma sun bayyana cewa lokacin sallolin farilla, tare da tsarkin da suke bukata, ba ya shiga cikin wannan haya tun asali, ko an rubuta haka a takardar ɗaukar aiki ko ba a rubuta ba. Allah ya ce a Suratun Nisa'i, aya ta 103, sallah farilla ce mai ƙayyadadden lokaci a kan muminai, don haka mutum bai mallaki wannan lokaci ba balle ya sayar da shi. Ko da kin sa hannu a kan sharaɗin barin sallah har lokacinta ya fita, sharaɗin ɓatacce ne, domin hadisin da ya ce Musulmi suna kan sharuɗɗansu ya toge sharaɗin da ya halatta haram ko ya haramta halal.

Sai mu auna wannan da sa'o'in aikinki. Azahar ba ta da matsala, domin a Kano rana tana gushewa daga tsakiyar sama kafin ƙarfe 1 a duk shekara, sai ki sallace ta a gida kafin ki fito. Isha'i ma tana faɗawa cikin hutun ƙarfe 8. Matsalar tana kan La'asar da Magariba. A mazhabar Malikiyya zaɓaɓɓen lokacin La'asar yana kaiwa har rana ta yi fatsi-fatsi, lokacin larura kuma yana ƙarewa da faɗuwarta, saboda haka La'asar da aka kai ƙarfe 8 na dare ramuwa ce, ba haɗi ba. Babu mazhabar da ta halatta haɗa La'asar da Magariba; haɗin da aka sani shi ne Azahar da La'asar, ko Magariba da Isha'i. Ita kuwa Magariba, a mashahurin zancen mazhaba zaɓaɓɓen lokacinta gajere ne, gwargwadon a yi alwala a sallace ta, kodayake wani zancen ya shimfiɗa shi har ɓacewar jan shafaƙi, wanda shi ma a nan yakan ɓace kafin ko daf da ƙarfe 8.

Abin da yake wajibi a kan mai aiki ke nan bai da yawa: kamar minti 10 tsakanin shigar La'asar da fatsi-fatsin rana, da wani minti 10 bayan faɗuwarta. Ba sai an kashe inji ba. Idan ku huɗu ne a kan layi ɗaya, biyu su tafi biyu su riƙe, sannan a canza. Kuma a nan ne iyakar haƙƙinki take. Ba ki da ikon tilasta masa ya sake ki da zarar an kira sallar La'asar, tunda lokacinta mai faɗi ne, kuma yana iya hana nafila da dogon wuridi da tafiya masallaci mai nisa a cikin sa'o'in da yake biya. Mai fita da sunan sallah ya ɓata rabin awa yana hira ya ci abin da ba nasa ba, kuma irin wannan ne yake sa wasu masu kamfani su ƙi ba da dama gaba ɗaya. Maza abokan aikinki suna da ƙari guda, wato Juma'a, wadda aya ta 9 a Suratul Jumu'a ta umarci a bar ciniki dominta. Ke ba ta wajaba a kanki ba.

Wasu suna kafa hujja da hadisin Ibn Abbas da Muslim ya ruwaito, cewa Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, ya haɗa salloli a Madina ba don tsoro ko ruwan sama ba, don kada ya ƙuntata wa al'ummarsa. Malaman da suka yi aiki da shi saboda bukata, irin su Ibn Sirin da Ashhab, sun sharɗanta kada a mayar da shi al'ada. Ya dace da likitan da yake tsakiyar tiyata, ko ranar da abokiyar aikinki ba ta zo ba kuma barin injin zai jawo haɗari. A irin wannan rana kina iya jinkirta Magariba ki haɗa ta da Isha'i. Amma tsarin aiki na kullum, wanda ake iya gyarawa da karɓa-karɓa, bai kai larura ba.

Game da sutura, abin da ya wajaba shi ne rufe dukkan jiki ban da fuska da tafukan hannu, da tufar da ba ta shara-shara ba kuma ba ta matse jiki. Shari'a ba ta wajabta wani ɗinki ko launi ko hijabin da yake kaiwa ƙasa ba. Injin da yake da bel ko ƙarfe mai juyawa yana iya fizgar gefen mayafi ya ja wuyan mai shi, kuma ƙa'ida ita ce babu cuta babu cutarwa, kamar yadda ya zo a hadisi. Saboda haka yana da ikon ya ce ki sanya gajeren hijabi mai rufe gashi da wuya da ƙirji, ki cusa bakinsa cikin rigar aiki mai yalwa, kuma bin wannan wajibi ne a kanki don kare ranki. Haka yake da ikon hana namiji babbar riga ko rawani a wurin, ya sa shi hular kwano. Abin da ba shi da iko a kai shi ne ya ce ki buɗe gashi ko wuya ko damtse a gaban maza don ado ko don burge masu saye, domin babu biyayya ga abin halitta a cikin saɓon Mahalicci.

Idan mai kamfanin ba Musulmi ba ne, ki yi masa magana da abin da ya ɗaure shi. Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999 ya tabbatar da 'yancin yin addini, dokar ƙwadago kuma ta tanadi hutun da bai gaza awa ɗaya ba a jimlace ga mai aikin awa 6 ko fiye, kuma ta yarda a rarraba shi. Don haka ku rubuta buƙatarku tare, ta hannun ƙungiyar ma'aikata idan kuna da ita, ku nemi a raba awar gida uku: minti 10 da La'asar, minti 10 da Magariba, minti 40 da ƙarfe 8. Wannan bai rage masa ko minti ɗaya na aiki ba.

Idan ya ƙi, ki riƙa shiga da alwala, ki yi farillar a wuri mai tsarki kusa da inda kike aiki kafin lokacinta ya fita, ko da a lokacin larura ne, ki kuma fara neman a mayar da ke aikin safe ko ki nemi wani wurin. Sallolin da kika riga kika kai ƙarfe 8 sun sauka daga wuyanki a matsayin ramuwa, ba sai kin sake su ba, amma ki nemi gafarar Allah a kan jinkirin. Allah ne mafi sani.