Ki sayar da sanyin, ki bar wa firigon jikinsa

"Salamu alaikum 'yan uwa. Na ji ana cewa a duba aikin da ya fi ƙarfin talaka, a rarraba shi, a sayar masa da ɗan abin da yake buƙata. Ina da jika 200 na adashe, ina Garin Malam. Ta ina zan soma?"

Wa'alaikumus salam 'yar uwa. Wallahi sai na ji kamar ni na rubuta, don da kuɗin adashe ni ma na shiga, kuma har yau in na tuna wani mutum sai raina ya ɓaci.

Ni sanyi na sayar. Mai zobo da mai lamurje ba firigo suke so ba, so suke ƙullinsu ya daskare kafin yara su fita talla. Firigon, da kuran, da wurin ajiye shi, da gyara, duk an ɗaure su dami guda, shi ya sa ya fi ƙarfinsu. Sai na sayi babba na kwance, mai lita 300, na ce kowa ta kawo nata.

Abin da mai kanti ba zai gaya miki ba: girman cikinsa daban, ƙarfin daskarwarsa daban. Ki duba takardar da ke manne a bayansa, yawanci an rubuta kilo nawa yake iya daskararwa a awa 24. Nawa bai wuce kilo 20 ba. Ƙulli 5 lita guda ne, ke nan ƙulli 100 a yini, alhali cikinsa zai ɗauki ninkin haka sau da yawa. In kin cika shi da zobo mai ɗumi, da safe za ki tarar na jikin bango ya yi ƙanƙara, na tsakiya ruwa tsululu, injin bai huta ba, gefensa zafi rau. Balle a watan Afrilu da Mayu da zafin Damagaram ke haura 40.

To a nan kasuwar take. Abu biyu ne ashe, kowanne da farashinsa. Daskarwa ita ke cin kuran, ƙulli 50 dala 50, mata biyu kawai a dare, dala 100 ke nan. Ajiyar abin da ya riga ya yi sanyi kuwa kusan wuri kawai take ci, bokiti mai murfi dala 20 a kwana, bokiti 6 dala 120. Kin ga mai arhar ta fi kawo kuɗi. Dala 220 a yini, wajen jika 33 a wata, ki cire kuran da ɗan abin da za ki ɓoye don mai gyara. Kada dai ki karɓi kifi, ranar da zobo ya yi ƙarni babu mai dawowa.

Gidanmu babu kwantar a lokacin, sai na ajiye shi a shagon wani maƙwabci, ina biyan shi haya da rabin faktir. Kullum "Hajiya sannu da ƙoƙari", ashe ƙirga matan da ke shigowa yake. Ana saura kwana kaɗan azumi, lokacin da kowa ke neman ƙanƙara kamar zinariya, na zo da asuba na tarar an zare wayar, firigona a bakin ƙofa, nasa sabo fil a inda nawa yake. Ƙullin wata baiwar Allah mai marayu duk ya narke, ruwan ja yana bin ƙasa. Ya ce wai ɗansa zai soma sana'a. Ni na biya ta daga aljihuna, ina kuka tana ba ni haƙuri. Matan kuwa shagon suka sani, can suka ci gaba da zuwa. Har yanzu muna haɗuwa a Kasuwar Dole ya gaishe ni ko kunya babu. Allah ya isa ban ce ba, ban kuma yafe ba tukuna.

Don haka duk abin da za ki rarraba, ki tambayi kanki guntun da in babu shi komai ya tsaya a hannun wa yake. In kwantar ta wani ce, a yi takarda gaban shaidu, da wa'adin sallama.

Kuma kafin ki taɓa jika 200 ɗin nan, ki zaga gida goma a unguwarku ki ji nawa suke kashewa yanzu a ƙanƙarar kula. Wadda ke biya a wahalce ita ce mai sayenki, wadda ta ce "ai da kyau" kawai ba za ta zo ba. Bashi kuma a'a, dala 20 ba a bin ta sai zumunci ya lalace. Ki rubuta sunan kowa a murfin bokitinta, ki sa lokacin ɗauka sau biyu a yini, don yawan buɗewa ma sanyi yake zubarwa, kuma ku yi magana tun farko kan wa zai ɗauki asara in an ɗauke wuta. Gidanku akwai kwantar kuwa?