Saƙon da mai gida zai tura wa ɗan haya kafin ya tashi

Tambaya: Ina da fulat mai ɗaki biyu a Unguwar Dosa da ke Kaduna, ɗan hayata zai tashi ƙarshen wata, kuma ina riƙe da kuɗin ajiyarsa naira 50,000. Me zan rubuta masa kan shara, makullai, mita da ranar duba gida don mu rabu lafiya?

Amsa: Alhaji, ka tura saƙon da saura mako biyu, a rubuce, ko da ta WhatsApp ne, ka kuma nemi ya amsa cewa ya gani. Ga yadda zai iya kasancewa:

"Assalamu alaikum Malam. Tunda hayarka za ta ƙare ranar 30 ga wata, mu haɗu a gidan ranar da ƙarfe 10 na safe, bayan an kwashe kaya gaba ɗaya. Don Allah a share ɗakuna, a wanke bayi da kicin, a cire ƙusoshin bango, a kwashe bolar bayan gida. A taho da makullai: na get 2, na ƙofar falo 3, na ɗakuna bibbiyu, da na kwadon tankin ruwa. Za mu duba mitar wuta tare mu ɗauki hotonta, a zo da rasit na ƙarshe na wuta da na ruwa. Abin da ya rage na kuɗin ajiya zan tura cikin mako ɗaya. Na gode."

Lura da maganar "bayan an kwashe kaya". Tayil ɗin da ya fashe yakan ɓuya ƙarƙashin kafet, danshin bango kuma bayan wadrob. Ka zaɓi safiya saboda haske, ka tabbatar akwai ruwa a tanki, domin sai an buɗe famfo an ja ruwan masai ake gane bututun da ya toshe ko yake yoyo. Kalmar "a tsabtace" ita kaɗai ba ta isa ba, kowa da abin da yake kira tsabta, shi ya sa aka jero ayyukan ɗaya bayan ɗaya. Amma fenti da ya koɗe don daɗewa naka ne, kada ka ɗora masa. Gilashin taga da ya fashe ko hannun ƙofa da aka karya, wannan nasa ne.

Mita ce wurin da aka fi yin asara, domin bashin Kaduna Electric yakan zauna a kan asusun mitar gidan ko bayan ɗan haya ya tashi. In mai kati ce, ganin sauran yunit a fuskarta ba ya nuna babu bashi. Ka sayi wutar naira 1,000 a gabansa da lambar mitar, ka karanta rasit: in akwai tsohon bashi, za ka ga an zare wani abu kafin a ba da yunit. Sannan ka duba hatimin mitar ko an taɓa shi. Ka kashe babban makunnin da wuta ke shiga bayan ta fito daga mita alhali akwai wuta a layi, ka bi soket-soket da cajar waya, musamman na hita da na na'urar sanyaya ɗaki. Duk soket ɗin da ya kawo wuta, an zagaye mita ke nan, kuma in ma'aikata suka gano daga baya ƙofarka za su ƙwanƙwasa. Kada ka manta da ɗan allon da ake danna lambobin kati, masu tashi kan haɗa shi cikin kayansu ba da niyya ba.

In kuwa mitar ta bil ce, ga lissafin. A ce bil na ƙarshe ya tsaya a 4,120, ranar tashi kuma mita ta nuna 4,210. Ya sha yunit 90 da ba a caje shi ba tukuna. Ka ninka da farashin da ke jikin bil ɗin. In a ce naira 60 ne, ya zama 5,400, da harajin kashi 7.5 cikin ɗari ya kai 5,805. Ka cire wannan daga 50,000, da gilashi ɗaya a ce na 6,000, saura 38,195. Ka rubuta masa haka dalla-dalla tare da rasit ɗin mai gyara.

Makullai su ne na ƙarshe, bayan an gama dubawa. In ka karɓa tun farko ya tafi, duk ɓarnar da ka gani daga baya zai ce ba a hannunsa ta faru ba. Ku ƙirga su a gaban ejan ko wani maƙwabci, ku rubuta lambar mita da abin da aka samu a takarda ɗaya, ku sa hannu, kowa ya ɗauki hotonta. Ko makullan sun cika, ka sauya kwadon get da silindar ƙofar falo kafin sabon ɗan haya ya shigo, don ba ka san kwafi nawa aka yanka ba.