Kashi ɗayan da ya ɓace a jadawali

"Maigida, na gama jadawalin binciken ruwan sha da muka yi a unguwannin Garwa. Gidaje 230 ne. Masu famfo 88, masu rijiya 63, masu sayen ruwa wajen 'yan garuwa 47, masu burtsatse 21, masu ɗiba a kogin Binuwai 11. Da na fitar da kaso na cike lambobin sai na samu 38, 27, 20, 9 da 5, jimla 99. In ƙara ɗayan ne a kan masu famfo, tunda su suka fi yawa ba wanda zai lura?"

Kada ka kuskura. Wannan "ba wanda zai lura" da ka faɗa, da ita aka cinye mini sefa dubu 450, kuma har gobe in na tuna raina sai ya ɓaci. Ja kujera ka zauna, ka ajiye wayar nan.

Shekara takwas ke nan, ko tara. Wani ɗan kwangila ya karɓo aiki daga wata ƙungiya da ta raba wa mata irin shuka a ƙauyukan wajen Marwa, ya kawo mini ni in yi binciken in rubuta rahoto. Ya ba ni rabin kuɗi, sauran sai an karɓi aiki. Yara shida na ɗauka, kwana goma sha ɗaya muna yawo cikin zafin watan huɗu, irin wanda in ka bar biro a kan babur sai tawada ta tsiyaye. Mata 170 muka tambaya ko sun gamsu da irin. Lambobin nan ko cikin barci aka tashe ni zan karanto su: 84 sun gamsu, 45 sun ce da dama-dama, 33 ba su gamsu ba, 8 sun ƙi magana. In ka fitar da kaso, 49,41 ne da 26,47 da 19,41 da 4,71. Ka cike su, ka samu 49, 26, 19, 5. Jimla 99, daidai da abin da ke gabanka yanzu.

Na rubuta 99 ɗina, na sa bayani a ƙasa. Bayan sallar isha'i sai ga wayarsa. Wai masu kuɗin ba sa son ganin 99, za su ce ba mu iya lissafi ba, in ɗora ɗayan a kan 49 ta zama 50, ai na sama ne, babba juji ne. Na ce masa wannan ɗayan ba nata ba ne. Ya ce, "Malam, kashi ɗaya ne fa, ni ne mai aikin, ni na ce a sa." Ina bukatar cikon kuɗina, yarana suna jira, na sa. Ban ce ya rubuto mini ba. A baki muka yi, a baki ta tafi.

Ashe shi yana da abin da yake nufi. Ya ɗauki 50 ɗin nan ya rubuta a shafin farko da manyan haruffa cewa rabin matan sun gamsu, domin da wannan magana yake so ya nemi zagaye na biyu na aikin. Rahoto ya isa hannun wata mata a ofishin ƙungiyar, mai duba lissafi. Ba ta yi wani dogon aiki ba. Ta ce rabin 170 shi ne 85, ku kuma 84 kuka rubuta, ina mace ɗayan? Daga nan ta daina yarda da kowane jadawali a cikin rahoton, har waɗanda ba su da ko ɗigon kuskure. Shi kuwa da aka kira shi sai ya buɗe hannu ya ce shi bai san lissafi ba, ƙwararre ya ɗauka, ƙwararren ne ya cuce shi. Na je gidansa sau huɗu. A na huɗun yana zaune kan darduma yana ɓare gyaɗa, bai ko ɗago kai ba, ya ce in kawo takardar da ya ce in sa 50. Babur ɗina na sayar na sallami yaran. Daga baya na ji an ba shi wani aikin, ni kuwa shekara biyu ba wanda ya kira ni daga wannan ɓangaren.

To, ga yadda ake yi. Fitar da kaso ba zan tsaya koya maka ba, ɗan firamare ma ya san wannan. Abin da ba ka sani ba shi ne 99 ɗinka ba kuskure ba ce. Duk lambar da ka cike, ko ka yar da ɗan wani abu ko ka ƙara mata, kuma ba dole ne abin da aka yar ya yi daidai da abin da aka ƙara ba. A naka, huɗu sun sauka, ɗaya kaɗai ta hau, shi ya sa aka samu giɓi. Wata rana 101 za ka gani, dalilin ɗaya ne.

Idan mai aiki ya nace sai 100, akwai hanya, kuma ba son rai a cikinta. Dawo da lambobinka da wutsiyarsu, wato abin da ke bayan waƙafi: famfo 38,26, rijiya 27,39, 'yan garuwa 20,43, burtsatse 9,13, kogi 4,78. Datse wutsiyar duka, ko da ta kusa cika. Za ka samu 38, 27, 20, 9, 4, jimla 98. Ka ga saura biyu ke nan da za a raba. Sai ka jera wutsiyoyin daga babba zuwa ƙarama: ta kogi 78, ta 'yan garuwa 43, ta rijiya 39, ta famfo 26, ta burtsatse 13. Biyun farko su ke da rabo. Kogi ya zama 5, 'yan garuwa 21. Jadawalinka ya koma 38, 27, 21, 9, 5, ga 100 cif. Dubi famfon da kake so ka ba: shi ne na huɗu a layi. Da ka mai da 38,26 ta zama 39, ka matsa ta da 0,74. Da aka ba 'yan garuwa, 0,57 kawai aka matsa, kuma babu inda za ka kai ɗayan nan ɓarnar ta yi ƙasa da haka. Wannan ita ce hujjarka in an tsare ka. Hanyar ba tawa ba ce, tsohuwa ce, tun 1792 Alexander Hamilton ya kawo ta a Amurka don raba kujerun majalisa tsakanin jihohi.

Na san ba za ka yi da hannu ba, ku yaran yanzu ko bakwai sau takwas sai kun taɓa waya. A Excel na Faransanci da muke da shi a ofis, in kasonka yana C2 zuwa C6, ka sa lissafin farko a D2, na biyu a E2, na uku a F2, ka ja su ƙasa:

```
=ENT(C2)
=C2-D2
=D2+SI(RANG(E2;$E$2:$E$6)<=100-SOMME($D$2:$D$6);1;0)
```

Amma ka tara F da idonka kafin ka yarda. Na'urar nan tana da wata yaudara da ta kama da yawa daga cikinku: in ka ɓoye wutsiya da maɓallin rage waƙafi, a fuska kawai ta ɓoye, a ciki tana nan. Sai jimla ta nuna maka 100, alhali wanda ya ɗauki takardar da fensir ya tara zai samu 99. Mai duba aiki takarda yake gani, ba cikin na'urarka ba.

Akwai inda ko wannan hanyar ba ka da izinin binta, kuma a nan ake gane wanda ya iya aiki. Idan ɗayan zai haura da lamba kan wata iyaka mai ma'ana, ka bar shi. Ko da layi ya zo kan 49,4, ba za ta zama 50 a hannuna ba, domin 50 kalma ce, "rabi" ce, mutane za su ɗauke ta su yi magana da ita a taro. Haka sifili: in gida ɗaya ya amsa, ba na rubuta 0, "ƙasa da 1" nake sawa. A irin wannan wuri ka bar wutsiya guda. Da na yi haka a aikin Marwa, da 49,4 da 26,5 da 19,4 da 4,7 za su fito, ka tara ka gani, 100,0 ne daidai. Abin da ke ci mini rai ke nan, maganin yana gabana a daren. Sai dai ba kullum wutsiya guda ke rufe giɓi ba, wani lokaci 99,9 za ta ba ka.

Na biyu, kunnen doki. Gida 10, 10, 10 cikin 30, kowanne 33,33. In ka ba ɗaya 34 ka ce ya fi 'yan'uwansa, kuma ƙarya ce da kowa zai gani da ido, tunda adadin yana gefe. Nan 33 uku ake rubutawa a bar 99 a zaune. Lissafin da na ba ka ma in ya ci karo da kunnen doki yana iya ba su duka, ya wuce 100, shi ya sa na ce ka tara.

Sannan in za ka haɗa rukuni biyu a cikin bayani, koma kan adadin gidaje, kada ka tara lambobin da aka riga aka cike. Famfo da rijiya gida 151 ne cikin 230, wato 65,65, ka ga 66 ke nan. In ka tara 38 da 27 za ka rubuta 65. Ka zaɓi 66, kuma duk inda maganar ta sake fitowa a rahoton 66 ɗin za ta kasance. Haka 21 ta 'yan garuwa: in jadawali ya ce 21, kada shafi na tara ya ce 20. Tambaya ta bakwai kuwa, wadda aka bar mutum ya zaɓi amsa fiye da ɗaya, ba ruwanta da 100 ko kaɗan, kada in ga ka matse ta.

A jadawalin nan naka ga abin da nake so in gani. Adadin gidaje a shafi ɗaya, kaso a gefensa, 230 a ƙasa. Ƙarƙashin jadawali layi guda: "An daidaita kason don ya cika 100, na masu sayen ruwa 20,43 ne kafin daidaitawa." Idan mai aikin ya kira ka ya ce a taɓa wata lamba, ka ce ya turo a rubuce, ka kawo mini in gani kafin ka taɓa komai. Je ka gyara, ka buga a takarda, ka kawo mini da fensir bayan la'asar.