Abin da jami'in rance yake nema a taƙaitaccen tsarin kasuwanci

Tambaya: Malam, ni tela ce, shekarata huɗu ina da shago. Ina son rance daga ƙaramin banki ko ƙungiyarmu ta gama kai domin in sayi keken surfani, sai aka ce in kawo taƙaitaccen tsarin kasuwancina a shafi ɗaya. Me zan rubuta a ciki?

Amsa: Malama, jami'in da zai karanta wannan shafi yana da tarin takardu a gabansa, kuma shi ne zai tsaya gaban kwamitin rance ya kare buƙatarki ba tare da kina wurin ba. Tambayar da za a yi masa guda ɗaya ce, wato daga ina kuɗin biyan kowane wata zai fito. Duk jimlar da ba ta taimaka masa wajen amsa wannan tambaya ba, ta cinye wuri ne kawai. Saboda haka tarihin yadda kika koyi sana'a da burinki na buɗe rassa ba su da gurbi a nan; layi biyu sun isa a faɗi irin sana'ar, shekarunta, yawan kekunan da ke aiki da yawan ma'aikata. Sauran shafin na lissafi ne, kuma shawarata ita ce ki gama lissafin a wata takarda dabam kafin ki rubuta ko kalma ɗaya ta taƙaitawar.

Bari mu bi lissafin da alƙaluman misali, ke kuma ki maye su da naki. A ce a wata mai kyau kuɗin da ke shigowa shago 250,000 ne. Zare da shafi da sauran kayan aiki suna cin 70,000, surfanin da kike kaiwa waje a yi miki yana cin 40,000, albashin mai taya ki aiki 35,000, haya 15,000, wuta da mai 20,000. Jimillar kashewa 180,000 ke nan, ya rage 70,000. A nan ne yawancin masu neman rance suke tsayawa su rubuta cewa ribarsu 70,000 ce, alhali kuwa daga cikinta ake cefane da kuɗin makaranta da magani. Jami'in rance ya san ƙaramin ɗan kasuwa aljihunsa ɗaya ne da na gidansa, kuma idan ba ki rubuta abin da gida ke ɗauka ba, zai ƙiyasta da kansa, ƙiyasinsa kuma ba kasafai yake yi wa mai nema sassauci ba. Idan gida yana ɗaukar 45,000, abin da ya rage a hannu a ƙarshen wata 25,000 ne, kuma da wannan adadi ne za a auna ki.

Akwai sharaɗi ɗaya a kan adadin farko. Kuɗin da ya shigo hannu ake rubutawa, ba kuɗin ɗinkin da aka gama ba. Kayan da aka ɗinka suna rataye mai su bai zo ya karɓa ba, ko ya karɓa ya ce sai ƙarshen wata, ba su shiga lissafin watan, domin ba za ki biya banki da alkawarin wani ba. Idan bashin da kike bin mutane yana da yawa, ki ba shi layinsa dabam, ki faɗi tsawon lokacin da yakan ɗauka kafin a biya.

Yanzu sai rancen kansa. A ce keken 240,000 ne, zare da kayan farawa 60,000, buƙatar ta zama 300,000. Kafin ki rubuta wa'adi, ki tambayi bankin yadda yake lissafa kuɗin ruwa, domin hanya biyu ce kuma tazararsu ba kaɗan ba ce. A hanya ta farko ana ɗora kason a kan ainihin kuɗin da aka ranta tun daga watan farko har na ƙarshe, ko nawa kika riga kika biya. Idan kashi 3 cikin 100 ne a wata, kuɗin ruwa 9,000 ne kowane wata, a wata 12 ya zama 108,000, biyan wata kuma 34,000. A hanya ta biyu ana ɗora kason a kan abin da ya rage ba a biya ba, sai biyan wata ya sauko zuwa kusan 30,100, kuɗin ruwa gaba ɗaya kusan 61,700. Duka biyun za a ce miki kashi 3 ne, amma ɗaya ya fi ɗaya tsada da sama da 46,000. Idan kuma kina guje wa kuɗin ruwa, wasu cibiyoyin suna da tsarin murabaha, inda su ne za su sayi keken su sayar miki da ribar da aka amince da ita tun farko, ki biya kashi-kashi. Lissafin ƙarfin biya dai iri ɗaya ne.

Ki kuma tambayi abin da ake cirewa kafin kuɗin ya iso hannunki. Ƙananan bankuna da yawa suna cire kuɗin hidima, wasu kuma suna riƙe wani kaso a asusunki a matsayin ajiyar dole har sai kin gama biya. Idan hidima kashi 2 ce, ajiyar dole kashi 10, abin da za ki karɓa daga 300,000 shi ne 264,000, amma biyan wata a kan 300,000 za a lissafa shi. Na sha ganin wanda ya karɓi rance ya tarar kuɗin bai kai na kayan ba, ya sayi na hannu mai matsala ko ya ajiye kuɗin yana jiran ciko har hidimar gida ta taɓa shi. Ki rubuta a fili cewa giɓin 36,000 daga ajiyarki zai fito. Wannan layin yana da nauyi a idon kwamiti, domin yana nuna cewa ke ma kin sa dukiyarki a cikin abin.

Mu ɗauki hanya mai tsadar, biyan wata 34,000. Abin da ke raguwa a hannunki yanzu 25,000 ne, wato a halin da ake ciki ba ki da ƙarfin biya, kuma duk hujjar rancen ta rataya ne a kan abin da keken zai canza. Kada ki kafa hujjar a kan sababbin masu kawo ɗinki da kike fatan samu, domin fata ba ta da rasit. Ki kafa ta a kan 40,000 ɗin da kike biya a waje duk wata, wanda zai tsaya a shago da zarar keken ya fara aiki. Sai ki cire abin da keken zai ci na zare da wuta da gyara, a ce 12,000, ya rage 28,000. Idan aka haɗa da 25,000, abin da ke hannu ya zama 53,000, ya ninka biyan wata sau ɗaya da rabi da ɗoriya. Kowace cibiya tana da nata ma'aunin, amma duk suna son ganin rata tsakanin abin da ke hannu da abin da za a biya, kuma lissafin da ya zo daidai wa daida ba tare da rara ba alama ce ta rancen da rashin lafiyar mako guda zai karya.

Wurin da na fi so ki daɗe a kansa shi ne watannin rashin ciniki. Ɗinki sana'a ce mai kaka da rani, banki kuwa ranar biyansa ba ta motsawa. A ce wata uku a shekara kuɗin shiga yana sauka zuwa 190,000. Kayan aiki za su ragu zuwa 55,000, abin da keken ke ci ya koma 9,000, amma albashi da haya da wuta da hidimar gida suna nan yadda suke, 115,000. Abin da ya rage 11,000 ne kacal, giɓin kowane wata 23,000, na wata uku 69,000. Masu nema da yawa suna ɓoye wannan da rubuta matsakaicin shekara, amma takardar bayanin asusunki za ta tona shi, kuma gara jami'in ya ji daga bakinki tare da maganinsa. A watanni tara masu kyau rarar da ke saura bayan biya 19,000 ce, saboda haka idan kina ware 8,000 kowane wata za ki tara 72,000, wanda ya rufe giɓin. Sai dai wannan yana aiki ne idan watanni masu kyau sun riga marasa kyau zuwa, don haka ki nemi a ba ki kuɗin gab da lokacin da aiki ke buɗewa. Akwai kuma zaɓin tsawaita wa'adi zuwa wata 18, biyan wata ya sauko zuwa kusan 25,700, amma kuɗin ruwa ya hau 162,000, ga shi kuma ko a hakan watan rani bai isa ya biya kansa ba. Ni dai ban ga ribar wannan ba a lissafinki.

Idan aka tace duka wannan, zuciyar shafin za ta iya zama kamar haka: "Ina neman rancen 300,000 na wata 12 domin sayen keken surfani na 240,000 da kayan farawa na 60,000. Abin da za a cire na hidima da ajiya, 36,000, zan cike shi daga ajiyata. A yanzu ina biyan 40,000 a wata domin a yi mini surfani a waje. Bayan sayen keken, abin da zai rage a hannuna bayan duk kashewar shago da ta gida 53,000 ne a wata, biyan rance kuma 34,000. A watanni uku na ƙarancin aiki zan cike giɓi daga 8,000 da zan riƙa warewa kowane wata." A ƙarƙashinsa sai layi ɗaya na jingina da masu tsaya miki, da layi ɗaya na duk bashin da ake bin ki a wani wuri. Kada ki ɓoye tsohon bashi, domin cibiyoyi da yawa suna binciken tarihin bashin mai nema, kuma wanda aka gano daga baya ya fi wanda aka faɗa tun farko ɓata buƙata.

Idan ƙungiyar gama kai kika zaɓa, shafin bai canza sosai ba, sai dai iyakar abin da za a ba ki yawanci ninki ne na ajiyarki, sau biyu ko sau uku gwargwadon dokar ƙungiyar. Ki fara da lambar zamanki mamba, tsawon lokacin da kika yi kina zubi da jimillar ajiyarki, sannan sunayen mambobin da suka amince su tsaya miki, bayan kin nuna musu lissafin, domin ajiyarsu ce za ta amsa idan kika gaza.

Kowane adadi a shafin ya kasance da takardar da ke bayansa: takardar farashin keken daga mai sayarwa, littafin karɓar ɗinki na aƙalla wata shida, da bayanin asusu. Adadin 40,000 shi ne ginshiƙin buƙatarki, don haka idan mai yi miki surfani ba ya ba da rasit, ki fara rubuta kowane biya daga yau da kwanan wata da yawan kaya, shi kuma ya sa hannu. Jami'in zai zo shago, wani lokaci ba sanarwa, ya ƙirga kekuna, ya buɗe littafin a shafin da ya ga dama, ya tambayi mai taya ki aiki nawa ake biyan ta. Idan kin rubuta 35,000, amsarta ta zama 35,000.