Kafin ka ajiye aikin koyarwar nan

"Yaya, ina so in ajiye aikin koyarwa a Gombe in taho Birtaniya digiri na biyu. Idan na zo zan riƙa sayar da huluna da turare a gefe don in riƙe kaina. Me ka gani?"

Ƙanena, kai ne na huɗu da ya yi mini wannan maganar a bana, don haka ka yi haƙuri da zafin bakina. Bizar ɗalibi ba ta yarda ka yi sana'ar kanka ba, ko hula ɗaya ce. Abin da aka ba ka shi ne aikin albashi a ƙarƙashin wani, awa 20 a mako lokacin karatu. Har kai abinci gida-gida a keke da kake gani a bidiyo, yawancinsa a sana'ar kai ake lissafa shi. Idan aka kama ka, bizar ce za ta tafi, da duk kuɗin makarantar da ka zuba.

Sana'ar gefe a gida ake kafa ta, albashi yana shigowa. Ni da ajiyar wake na fara. Da kaka nakan shiga Tudun Hatsi in sayi buhu 10 da abin da na tara daga albashi, in juye a buhun nan mai leda biyu a ciki, in matse iska, in ɗaure kowace leda daban, sai damina in fitar. Ba a sa magani, rashin iska ke kashe ƙwaro. Amma sai waken ya bushe ƙarau, ka ciza ka ji ya fashe, kuma kada buhu ya taɓa ƙasa ko bango, ɓera na huda leda aikin ya lalace. Wata shekarar ma farashi ba ya tashi, da ƙyar uwar kuɗi ke dawowa.

Abin da ya ƙona mini rai shi ne ban taɓa gwada harkar ba tare da ni ba. Na bar wa wani ɗan'uwa buhu 30 na taho. A wata na biyar ya fara kwance buhu "don ya duba", wato yana ɗiba. Iska ta shiga, buhu 8 suka zama gari, ni kuwa ina wanke-wanke a wani gidan abinci a Bradford ina lissafin ribar da babu ita. Na gama karatun dai da gumina, ba wanda ya turo mini ko sisi.

Saboda haka kada ka rubuta takardar ajiye aiki, ka nemi hutun karatu ko da babu albashi. Kafin nan ka yi kaka biyu. A ta biyu ka damƙa wa wanda za ka bar wa komai, kai ka riƙe littafi kawai: buhu nawa ya shiga, nawa ya fita, a kan nawa. Idan lissafin ya fito daidai, ka turo mini hoton littafin, sai mu yi maganar makaranta.