Idan Ɗan Cikinka Ne Manajanka

"Kawu, shekarata 48, kuma shekara 19 ke nan ina riƙe da siton wurin aikinmu. An kawo mana sabon manaja ɗan shekara 27. Ranar Litinin, a gaban yaran da ni na koya wa aiki, ya ce mini kada in sake fitar da kaya babu takarda, kuma yana son lissafin sito kafin ƙarfe goma. Tun ranar ban yi barcin kirki ba. An raine mu a kan cewa yaro ba ya aiken babba. In na bi shi ban zubar da girmana ba?"

Ɗana, na ji zafin da ke ranka, kuma ba zan ce maka ba komai ba ne, don na taɓa ɗanɗana irinsa. Amma tarbiyyar da ka ambata, rabinta ka ɗauko ka bar rabi. Waɗanda suka ce yaro ba ya aiken babba, su ne kuma suka ce ba a sarki biyu a gari ɗaya. Shekaru suna ba ka haƙƙin a gaishe ka, a sassauta murya in za a yi maka magana, a nemi shawararka. Ba sa ba ka haƙƙin yanke hukunci a wurin da aka ɗora wa wani nauyin yankewa. In kaya suka ɓace a sitonku, mai kamfani manaja zai fara kira, ba zai tambayi wa ya girmi wa ba. Wanda za a tuhuma shi ne ke da ikon cewa a yi ko a bari.

Ka san labarin Usama ɗan Zaidu. A shekara ta 11 bayan Hijira, dab da wafatinsa, Manzon Allah (SAW) ya naɗa shi shugaban runduna alhali bai wuce shekara ashirin ba, kuma a cikin rundunar akwai manyan sahabbai irin su Sayyidina Umar. Wasu sun yi gunaguni a kan ƙuruciyarsa, Manzon Allah bai janye naɗin ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da ya biyo baya. Da Sayyidina Abubakar ya zama halifa ya fito rakiyar rundunar, yana tafiya a ƙasa Usama yana kan abin hawa. Kuma da yake buƙatar Umar ya zauna tare da shi a Madina, sai da ya nemi iznin Usama, don Umar yana ƙarƙashin tutarsa. Babu wanda ya karanta wannan ya ce girman Abubakar ya ragu.

To bari in ba ka nawa labarin, wanda ban cika faɗa ba. Ina da shekara 53 ina kula da siton kayan gini aka kawo mana manaja wanda bai kai talatin ba. Bai yi wata biyu ba aka sauke mana siminti buhu 300, damina na gabatowa. Yana son a buɗe hanya a tsakiyar siton, sai ya ce a jera buhunan a jikin bangon gabas, a ƙasa. Ni kuwa na san bangon nan kamar tafin hannuna, na san da ruwa ya sauka yake jan danshi. Na san kuma ƙa'idar ajiyar siminti: a ɗora shi a kan katako ya rabu da ƙasa, a bar rata tsakaninsa da bango, kada jeri ya wuce buhu goma ko kusa da haka, kuma wanda ya riga shigowa shi ake fara fitarwa, don siminti in ya daɗe ƙarfinsa raguwa yake yi. Duk wannan yana bakina. Amma da safiyar ranar ya kira sunana gatsau a gaban leburori, abin yana cina. Sai na ce masa "to", na sa aka jera yadda ya ce. A raina ina cewa bari ya gani da idonsa.

Bayan mako shida muka zo fitar da kaya, na ɗora hannu a kan buhun ƙasa na ji shi kamar dutse. Muka ware buhu 41 da suka daskare. Takardar tuhuma ta zo da sunana, don ni ne mai sito, sa hannuna ne a littafi. Wannan bai dame ni ba kamar tambayar da yaron ya yi mini bayan kowa ya watse. Ya ce, "Baba, ka san haka za ta faru?" Na kasa ɗaga kai. Dukiyar da aka ba ni amana na bari ta lalace don in huce haushin kiran suna. Har yau in na tuna sai na nemi gafarar Allah.

Shi ya sa nake so ka raba abin da ya faru ranar Litinin gida biyu, don a zuciyarka sun cakuɗe. Akwai umarnin, akwai kuma yadda aka ba da shi.

Fara da umarnin. Ka cire fuskar yaron, ka sa ta wani dattijo mai furfura, ka ji shi yana cewa kada kaya su fita babu takarda. Za ka ji haushi? Ba na jin za ka ji. Hasali ma kai wannan doka ta fi karewa. Duk katon da ya fita da baki kawai, ranar da masu binciken lissafi suka zo suka ga giɓi, wanda ya ce maka "ba shi, zan kawo takarda gobe" zai manta, kai za a riƙe. Shekara 19 kana aiki da yarda, Allah ya rufa asiri, amma yarda ba ta zama hujja a gaban mai bincike. Saboda haka ka kai masa lissafin kafin goman, cikakke, kuma ka tsare dokar takardar a kan kowa, har shi kansa in ya aiko a karɓi kaya. Wannan gwajin na canza fuska ka riƙa yin sa a duk umarnin da ya sosa maka rai. In haushin ya tafi da fuskar ta canza, to girman kai ne ke magana. In bai tafi ba, akwai gyara a cikin umarnin, kuma wajibinka ne ka faɗa.

Yadda ake faɗar shi ne inda manya da yawa suke tuntuɓe. Kada ka gyara shi a gaban yara. Sabon manaja mai ƙananan shekaru a tsorace yake fiye da yadda kake zato, ya san ana kallonsa ana jiran ya yi kuskure, kuma sau da yawa ɗaga muryar nan tsoron raini ne. In ka ƙalubalance shi a bainar jama'a ka toshe masa hanyar janyewa, dole ya kafe ko da ya gane kai ke da gaskiya. Ka same shi shi kaɗai. Kada ka buɗe da "tun kafin a haife ka", ko "mu ba haka muke yi ba", don da ya ji wannan kunnensa ya rufe. Ka kawo abin da za a iya dubawa. Da ni ne yau, da cewa zan yi, "Manaja, bangon nan yana jan danshi da damina, zo ka ga tabon bara. In muka sa katako muka matsa da jerin kaɗan, hanyar da kake so za ta samu, simintin ma ya tsira." Magana ce ta minti biyu. In ya ji, alhamdu lillahi. In ya ce a yi yadda ya faɗa, ka rubuta masa gajeren saƙo cewa ka ba da shawara kaza, an umarce ka da kaza, sannan ka yi aikin da zuciya ɗaya. Iyakar biyayyar a fili take: in ya ce ka sa hannu a kan kayan da ba su shigo ba, ko ka rage a lissafi, ko a yi abin da zai jefa ran wani cikin haɗari, nan babu bi, ko ɗan shekara saba'in ne ya faɗa.

Sai maganar yadda ya yi maka magana. A nan kana da haƙƙi, kuma ban ce ka haɗiye shi ba. Amma ka jira sai ka cika umarnin tukuna, don kada ƙorafinka ya yi kama da neman hanyar ƙin aiki. Bayan kwana biyu ko uku, ranka ya sauka, ka shiga ofishinsa ka ce, "Abin da ka ce a yi an yi, kuma haka za a ci gaba. Roƙona ɗaya ne, in akwai gyara a aikina ka kira ni gefe. Yaran nan a ƙarƙashina suke, in suka raina ni aikinka ne zai yi wuya." Ka lura ban sa maganar shekaru a ciki ba. Yana ganin furfurarka, ba sai ka tuna masa ba. Sau ɗaya ko biyu kuskure ne na ƙuruciya. In ya zama ɗabi'a, yana zaginka ko yana maka ba'a da tsufa, ka rubuta ranaku da abin da aka faɗa da waɗanda ke wurin, ka kai ga na sama da shi ta hanyar da wurin aikinku ya tanada.

Ka kuma sa ido a kan kanka, don ciwon nan yana da alamu kuma mai shi ne na ƙarshen ganewa. In ka ji bakinka ya saba da "yaron nan" in ba ya wurin, ko aikin awa ɗaya ya fara kai ka la'asar in shi ya sa ka, ko ka ga kuskure yana tahowa ka ji wani sanyi a rai ka yi shiru, to ka kama hanyar da na bi. Mafi haɗari su ne masu zuga. Za su zo su ce, "Haba, kai da ka kafa wurin nan?" Yawancinsu dokar takardar ce ta toshe musu wata kafa, suna neman babba da za su fake a bayansa. Ranar da takardar tuhuma ta fito ba za ka ga ko ɗaya ba. Kuma yaran da ka koya wa aiki suna koyon wani darasin yanzu: yadda ka ɗauki umarnin manaja, haka za su ɗauki naka.

Akwai abin da ba ka rubuta ba amma na ji shi a ƙarƙashin maganarka, wato ka so a ce kai aka ba kujerar. Ba laifi ba ne mutum ya so haka bayan shekara 19. Sai dai ba yaron ne ya hana ka ba, shi ma kawo shi aka yi. In kana son sanin dalili, ka tambayi waɗanda suka yi naɗin abin da ya rage maka, takardar shaida ce ko iya aiki da kwamfuta, ka ga ko abu ne da za ka iya cikewa. A 48 ba ka makara ba.

Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, in ka miƙe da tsawonka za ka miƙe. Ni bayan abin simintin na je na ba manajan haƙuri, na faɗa masa gaskiyar dalilin shiruna. Ya yi jim, sannan ya ce shi ma bai san kiran sunan ya yi mini ciwo ba. Mun yi shekara bakwai tare kafin in yi ritaya, kuma ba a sake sauke tirela a siton nan ba sai ya aiko an tambaye ni inda za a jera.

Ka kai lissafin gobe da safe da hannunka, kada ka aiki yaro. In kun yi maganar gefen, ka kira ni ka faɗa mini abin da ya ce. Ka gaida mai ɗakinka da yara.